Ba laifin sabis ba ne: abin da ke sa shafin intanet ya maƙale

Idan shafi ya maƙale a shagon kwamfuta, ko a Bebeji ne ko a Kwanar Dangora, abin da mai shago ke fara cewa shi ne babu sabis. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma akwai maƙalewar da ko a gindin turken sabis kake ba za ta warware ba, domin matsalar tana cikin umarnin da aka rubuta wa shafin.

Yaren JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995, shi ke tafiyar da yawancin abin da ke motsi a shafi. Burauza tana gudanar da umarninsa ne a kan babban layin aiki guda ɗaya, kuma wannan layin shi ke karɓar dannawarka, shi ke sabunta abin da kake gani. Kamar mai awo ne shi kaɗai a rumfa: sai ya sallami na gabansa zai dubi na baya. To idan aka ba shi aikin da ba ya ƙarewa, duk dannawar da ka yi tana kan layi tana jira.

A ce wani matashi ya rubuta wa ƙungiyar manoman masara a Tudun Wada shafin da zai lissafa watannin biyan bashin taki, naira 3,000 duk wata:

```
let saura = Number(prompt("Bashi"));
let wata = 0;
while (saura !== 0) {
  saura -= 3000;
  wata++;
}
```

Ma'anarsa, a yi ta cire 3,000 muddin saura bai zama sifili ba. Ya gwada da bashin 9,000, shafi ya ce wata uku, ya miƙa aiki. Ranar da aka shigar da 10,000, sai saura ya sauko 7,000, 4,000, 1,000, ya tsallake sifili ya faɗa -2,000, ya yi ta gangarawa. Sharaɗin tsayawa ba zai taɓa cika ba. Abin takaicin, babu saƙon kuskure ko ɗaya, don a wurin kwamfuta aiki take yi bil haƙƙi. Gyaran bai wuce a rubuta `saura > 0` ba.

Ta yaya za a bambance wannan da rashin sabis? A Chrome na kwamfutar Windows, danna Shift da Esc tare. Task Manager na burauzar zai buɗe, a Firefox kuwa a rubuta `about:processes`. Shafin da ke jiran sabis ba ya cin ƙarfin inji. Wanda ya faɗa zagaye marar ƙarshe kuwa za a ga lambar CPU ɗinsa ta tsaya wajen 100, alhali babu abin da yake saukewa, fankar kwamfuta na ta huci. Kada jan shafi sama da ƙasa ya ruɗe ka: wani lokaci yana yiwuwa ko da shafin ya maƙale, saboda wani layin aiki daban ke kula da shi. Ka gwada rubutu a cikin akwati, nan za ka gane. Daga baya Chrome zai fito da sanarwar Page Unresponsive. Idan kuma zagayen yana tara bayanai a kowane juyi, lambar Memory za ta yi ta hawa har shafin ya mutu da saƙon Aw, Snap!

Wannan ya nuna shafin da ke da laifi, bai nuna layin ba. Don kama layin, a buɗe DevTools da F12 tun kafin a danna abin da ke jawo matsalar, domin bayan maƙalewa yakan ƙi buɗewa da kyau. A shiga Sources, a sake jawo matsalar, sannan a danna F8. Burauza za ta tsayar da umarnin a daidai inda yake. Call Stack zai nuna aikin da ya kira shi, Scope kuma ya nuna ƙimar kowane abu. Wanda ya ga bashin manomi ya zama miliyoyi ƙasa da sifili ba ya bukatar ƙarin bayani. Idan ana shakka, a yi ta danna F10 ana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, a ga ko ana matsowa kusa da sharaɗin tsayawa ko nisa ake yi. Zagaye mai nauyi yana matsowa, komai jinkirinsa.

Mai karatu zai ce, me ya hana burauza ta gane wannan tun kafin ta fara? Alan Turing ya tabbatar a 1936 cewa babu wata hanya guda da za ta iya duba kowane irin shiri ta faɗi ko zai tsaya. Shi ya sa burauza agogo kawai take dubawa, idan shiru ya yi yawa ta tambaye ka ko za ka jira. A ganina duk zagayen da ya dogara da lambar da wani zai shigar, a sa masa birki a cikinsa:

```
if (wata > 600) throw new Error("zagaye ya wuce kima");
```

Wata 600 shekara hamsin ke nan, babu bashin takin da zai kai haka. Idan shafin ya ba da damar canza biyan wata, birkin zai kama har ranar da sakataren ƙungiya ya sa sifili a matsayin biyan wata, wadda `saura > 0` ba zai hana ba.