Yadda ake tantance ƙimar kayan da suka rage a sito idan farashin saye ya bambanta

Ɗan kasuwar da ya sayi shinkafa iri ɗaya sau uku a wata guda, kowane karo da farashi daban, ba zai iya nuna buhu a sito ya ce ga nawa aka saye shi ba, domin kayan sun riga sun gauraya. Akantoci kan warware wannan ta hanyar fitar da matsakaicin farashi bisa yawan kaya, wato a bai wa kowane farashi nauyi gwargwadon adadin buhunan da aka saya da shi. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya da ta shafi kayan sayarwa, IAS 2, ta amince da wannan hanya.

A ɗauki misalin wani dillali a Kasuwar Singa da ke Kano. Ya shiga wata da buhu 50 da ya saya a kan N50,000 kowane, jimilla N2,500,000. A makon farko ya ƙara buhu 150 a kan N54,000, wato N8,100,000. Da wata ya kusa ƙarewa farashi ya tashi, ya sayo buhu 50 a kan N73,000, wato N3,650,000. Gaba ɗaya buhu 250 ke nan da suka ci N14,250,000. Idan aka raba kuɗin da yawan buhunan, kowane buhu ya tsaya a N57,000.

A cikin watan ya sayar da buhu 190, saura 60. Ƙimar waɗannan 60 ita ce N3,420,000.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a tara farashin uku a raba uku, a samu N59,000. Lissafin yana kama da daidai, amma ya ɗauki buhu 50 masu tsada tamkar sun yi nauyin buhu 150 masu sauƙi. Da wannan farashi ragowar kayan za ta zama N3,540,000, an kumbura ta da N120,000. Duk nairar da aka ƙara wa kayan da suka rage kuwa an zare ta ne daga kuɗin kayan da aka sayar, sai littafi ya nuna ribar da babu ita a aljihu. Ga wanda yake rabon riba da abokin hulɗa, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Gwajin da ke tona irin wannan kuskure ba shi da wahala. A haɗa kuɗin sayen kayan da aka sayar da ƙimar waɗanda suka rage, dole su koma jimillar abin da aka kashe. Buhu 190 a kan N57,000 sun ba da N10,830,000, a ƙara N3,420,000, a samu N14,250,000 cif. Da an yi amfani da N59,000 a duka ɓangarorin, jimillar za ta kai N14,750,000, kuɗin da dillalin bai taɓa biya ba.

Sai dai akwai saɓanin da ba kuskure ba ne, kuma yakan haddasa gardama tsakanin mai kaya da akawunsa. Lissafin da ke sama a ƙarshen wata aka yi shi, sau ɗaya. Manhajojin kwamfuta da dama kuwa suna sabunta matsakaicin farashin duk lokacin da sabon kaya ya shigo. A ce dillalin ya sayar da buhu 150 kafin sayensa na ƙarshe. Buhu 200 na farko sun ci N10,600,000, kowane N53,000. Bayan cinikin saura 50, masu ƙimar N2,650,000. Da sababbin 50 suka shigo, buhu 100 suka tashi a N6,300,000, kowane N63,000. Ya sayar da 40, ragowar 60 ɗin suka tsaya a N3,780,000.

Bambancin N360,000 ne a kan buhuna guda, kuma duka lissafin biyu sun tsallake gwajin jimilla. Don haka kafin a zargi kowa, a fara tambayar wace hanya aka bi, sannan a tsaya a kan guda daga wata zuwa wata.

Duk wannan ya dogara ne da adadin 60 ɗin. Wajibi ne a shiga sito a ƙirga buhu da hannu. Idan 58 aka tarar, N57,000 za a ninka sau 58, a rubuta N114,000 na biyun da suka ɓace a matsayin asara. Kuɗin mota da na 'yan dako da aka biya wajen kawo kayan ma suna cikin farashin saye, a haɗa su kafin a raba. Idan kuma kasuwa ta faɗi har abin da buhu zai kawo bayan cire kuɗin sayarwa ya koma N52,000, ƙa'idar ta ce da ƙaramin adadin za a rubuta kayan, wato N3,120,000 ga buhu 60.