Ina Elektiron Suka Tafi? Bitar Babin Haɗuwar Sinadarai Cikin Tambaya da Amsa

A ajin farko na babbar sakandare ake koya wa ɗaliban kemistiri yadda atam ke kama ɗan'uwansa su zama abu guda. Babin ba ya rabuwa da su har zauren jarrabawar WAEC da NECO. Da yawa sukan haddace ma'anar haɗin ayon da haɗin kobalan tsaf, amma da an juya tambayar kaɗan sai ido ya raina fata. A ganina maganin wannan shi ne ɗalibi ya riƙe tambaya guda a ransa duk inda ya shiga cikin babin: ina elektiron na bawon waje suka tafi? An ba da su ne, an yi tarayya a kansu, ko an sake su suna yawo? Tun 1916 Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Amurka suka ɗora bayanin haɗuwar sinadarai a kan wannan. Ga tambayoyin bita, da irin amsar da mai maki yake son gani.

Tambaya ta farko: lambar atam ta magniziyam 12 ce, ta kulorin 17. Wane irin haɗi ne zai shiga tsakaninsu, kuma yaya ake rubuta abin da suka haifar?

Amsar ta fara da jera elektiron bawo-bawo. Magniziyam 2, 8, 2 ne, kulorin kuwa 2, 8, 7. Magniziyam zai zubar da biyun da ke waje ya koma 2, 8, ya zama Mg²⁺. Kowane kulorin ɗaya tak yake nema ya cika takwas, ya zama Cl⁻. Tunda mai bayarwa yana da biyu, mai karɓa kuma ɗaya yake ɗauka, sai an sami kulorin biyu. Haɗin na ayon ne, kuma ana rubuta shi MgCl₂. Wanda ya rubuta MgCl ya bar elektiron ɗaya ba mai ɗauka, kuma zai iya kama kansa kafin ya miƙa takarda: ya haɗa cajin duka, in bai ba shi sifili ba, akwai gyara. Wanda yake son ya gwada ƙwanjinsa ya ɗauki alminiyam mai 2, 8, 3 da oksijin mai 2, 6. Biyu sau uku shida aka bayar, uku sau biyu shida aka karɓa, sai Al₂O₃ ya fito.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi kayar da mutane: me ya sa busasshen gishiri ba ya wuce da wutar lantarki, amma da an narkar da shi a ruwa sai ya wuce da ita?

Ana iya ganin abin da ido. A samo batir mai bolt 9, da ɗan ƙaramin ƙwan fitila, da waya, da bakin fensir guda biyu a matsayin sanduna. (Batir kawai, kada wani ya yi gangancin jonawa da wutar gida.) In aka soka sandunan cikin busasshen gishiri, ƙwan ba zai ko ƙyafta ba. A zuba gishirin a ruwa a motsa, a tsoma sandunan kusa da juna ba tare da sun taɓa ba, sai ƙwan ya kawo haske, ƙananan kumfa kuma su fara taruwa a jikin sandunan. A sake da sukari, ba za a ga komai ba.

Amsar da ta cika ita ce: gishiri, NaCl, ayon ne na Na⁺ da Cl⁻ da suka jeru cikin tsari, kowane ɗaya yana kewaye da shida na kishiyarsa. A busasshen gishiri ayon ɗin na nan da cajinsu, amma a ɗaure suke, ba su iya matsawa. Ruwa yana raba su, su sami damar tafiya, masu caji mai kyau su nufi sanda ɗaya, masu kishiyar caji su nufi ɗayar. Tafiyar nan tasu ita ce wutar. Haka ma in an narkar da gishirin da zafi, sai dai wannan yana buƙatar digiri 801 a ma'aunin Salshiyos, abin da ke nuna ƙarfin jan da ke tsakaninsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta cewa elektiron ne suka sami 'yanci a cikin ruwan. Kalma ɗaya ce, amma takan cinye makin gaba ɗaya. Sukari kuwa haɗin kobalan gare shi, atam ɗinsa tarayya suka yi a kan elektiron, don haka ko ya narke, molekul marasa caji ne ke yawo.

A nan sai a yi hattara da wata ƙa'ida da ɗalibai ke so, wai duk abin da yake kobalan ba ya wuce da wuta a ruwa. Iskar HCl kobalan ce, amma in ta shiga ruwa takan rabu ta ba da ayon, ruwan ya wuce da wuta sosai.

Tambaya ta uku: in ruwa ya tafasa, haɗin da ke tsakanin haidurojin da oksijin ne ya tsinke?

A'a. Tururin da ke tashi daga tukunya H₂O ne har yanzu. Abin da zafi ya rinjaya shi ne jan da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa. Oksijin ya fi haidurojin ƙarfin jan elektiron, tarayyar tasu ba ta raba-daidai ba ce, sai gefen oksijin ya ɗan ɗauki caji, gefen haidurojin ya ɗauki kishiyarsa. Ga shi kuma molekul ɗin a lanƙwashe yake, da kusurwa ta kusan digiri 104.5, don haka cajin ɓangarorin bai kashe juna ba. Haidurojin na wannan molekul sai ya jingina da oksijin na wancan, shi ne ake kira haɗin haidurojin. Amsa mai kyau takan kawo hujja da H₂S, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi ruwa nauyi, kamata ya yi ta fi shi wuyar tafasa, amma tana tafasa a wajen digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai ya kai 100. Salfa ba shi da ƙarfin jan da oksijin yake da shi, shi ya sa. Wannan rabuwar caji ta ruwa ita ce kuma ta ba shi ikon ɓamɓaro ayon ɗin gishiri a tambayar da ta gabata.

Tambaya ta huɗu gajera ce: me ya sa maƙeri ke dukan jan ƙarfe ya baje, amma dunƙulen gishiri ya farfashe? A ƙarfe, atam sun saki elektiron ɗinsu na waje suna yawo tsakanin ayon masu caji iri ɗaya. In guduma ta zame layi ɗaya bisa ɗaya, elektiron suna nan suna riƙe da su, kuma su ne ke ɗaukar wuta a cikin waya. A gishiri kuwa, da layi ya ɗan gusa, Na⁺ zai fuskanci Na⁺, Cl⁻ ya fuskanci Cl⁻, su ture juna, dunƙulen ya tsage.

Masu tsara jarrabawa sukan liƙa wa wannan tambaya wutsiya da girafayit, wato baƙin da ke cikin fensir, wanda ya wuce mana da wuta ɗazu alhali ba ƙarfe ba ne. Kowane kabon yana da elektiron huɗu a waje. A girafayit uku kawai yake ɗaurewa da maƙwabtansa uku, na huɗun yana yawo a shimfiɗar. A lu'ulu'un daimon, wanda shi ma kabon ne zalla, duka huɗun a ɗaure suke da maƙwabta huɗu, don haka ba ya wuce da wuta.