Kujerun Amarya, Falon Ango

Saura mako 6 a ɗaura aure, Aminu da Zainab suka yi saɓaninsu na farko. Shi malamin makaranta ne, ya kama hayar ɗaki biyu da falo a Kano, ya sa an shafa fenti mai ruwan toka. Ita kuwa ta riga ta zaɓi kujerunta a wurin kafinta: manya, masu sassaƙa da ruwan zinare, an lulluɓe su da jan yadi mai sheƙi.

Da ta nuna masa hoton, sai ya yi shiru, can ya ce, "Amarya, wannan ai sai fadar sarki. Ni na fi son marasa ado, waɗanda mutum zai miƙe ƙafa a kai."

"Haba Yaya," in ji ta, "ranar jere dangina za su cika gidan nan. So kake a ce Baba bai yi mini komai ba?"

Wannan tambaya tata ita ce tushen rigimar. A al'adar Hausa ango ne ke samar da muhalli, iyayen amarya kuma su yi kayan ɗaki: gado, katifa, kujeru, labule da kayan kicin. Kayan mallakarta ne, ko aure ya mutu da su za ta fita. Kuma da su ake auna ƙoƙarin iyayenta, kamar yadda a da ake ƙirga kwalla da tasoshin da aka jera a bango, da tsayin gadon ƙarfe mai rumfa. Saboda haka idan ango ya kushe kujera, a kunnen amarya gidansu ya kushe. Shi kuma gani yake shi zai zauna a falon kullum, amma ba wanda ya nemi jin ta bakinsa.

Kwana biyu ana fushi, sai gwaggon Zainab, wadda ta daɗe tana yi wa 'ya'yan dangi jere, ta ce a kai ta gidan, a kira kafinta ya zo da abin awo. Falon ya tashi ƙafa 12 a faɗi, 14 a tsawo. Cikakken saiti kujera huɗu ne: mai cin mutum uku, mai cin biyu, da ƙanana guda biyu. Kowace daga baya zuwa gaba ta kai ƙafa 3. Idan aka jera biyu suna fuskantar juna, rabin faɗin falon ya tafi. A ajiye teburin tsakiya mai ƙafa 2, abin da zai rage a kowane gefe ƙafa 2 ne kacal, ba wurin shimfiɗa sallaya, balle tabarmar baƙi.

"'Yar nan," in ji gwaggo, "kaya sun yi kyau, amma ɗaki ne ke faɗin abin da zai iya ɗauka."

Kafinta ya ƙara da nasa bayanin. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a lungunan sassaƙa, sai an bi su da buroshi. Farin yadin da Aminu yake so ba ya jure yara da baƙi, ledar roba kuma tana ɓarewa idan zafi ya dake ta. Ya kuma ja kunnensu a kan allon garin katako da ake dannewa a yi durowa da shi: yana da santsi da arha, amma da ruwan goge ƙasa ya shige shi daga ƙasa sai ya kumbura. A duba bayan durowa ko ƙarƙashinta inda ba a rufe ba. Katako na gaske yana da jijiya, wancan kuwa gari ne zalla.

A nan aka sasanta. Zainab ta haƙura da ƙananan kujeru biyu da yawan sassaƙa, aka bar ruwan zinare a hannuwa kawai. Aminu ya haƙura da tokarsa, ya sake fenti zuwa ruwan madara don ya karɓi jan yadin. Suka yanki ƙyallen kujerar, gwaggo ta tafi da shi Kantin Kwari ta zaɓo labule a hasken rana, domin fitilar shago tana sauya launi. Ɗakin kwana kuwa aka bar wa amarya ta yi yadda take so.

Abin da ya cece su shi ne lokaci. Da an bari sai ranar jere, motar kaya na ƙofar gida, mata na guɗa, da ba mai iya cewa a mayar da kujera. Muddin kafinta bai yanka katako ba, rage tsawo ko sauya yadi magana ce kawai. Bayan ya yanka kuwa, kuɗin surukai ne za a yi asara.