Saukar dare a Istanbul: yadda za ka kai kayanka masauki

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Istanbul sarin kaya galibi a unguwar Laleli ko Aksaray suke sauka, cikin tsohon gari. Babban filin jirgin birnin kuwa, wanda ya gaji filin Atatürk a 2019, yana can arewa maso yamma, nisan kilomita arba'in da 'yan kai. Da rana wannan tazara ba ta da wuya. Amma wanda ya sauka tsakar dare da akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, ga jakar hannu, dole ya san hanyar da zai bi tun bai bar gida ba.

Abu na farko, lokacin da ke kan tikiti ba shi ne lokacin fita ba. Filin yana da girman gaske. Jirgi kan daɗe yana gangarawa kafin ya tsaya, sai doguwar tafiya a ƙasa, sai layin buga fasfo, sai jiran kaya. Wanda ya sauka ƙarfe sha ɗaya, ya ɗauka cewa sai bayan sha biyu zai fito. A lokacin jirgin ƙasa na M11, wanda aka buɗe a 2023, ya tashi daga aiki ko yana dab da tashi. Ko da ka same shi, ba ya kai ka Laleli kai tsaye. Sai ka sauka a Gayrettepe, ka ja kaya ta dogon lungu zuwa layin M2, sannan ka fito a Vezneciler. Mai hannu biyu da kaya uku ya haƙura da wannan hanya.

Saura bas da tasi. Bas ɗin Havaist yana aiki dare da rana, kuma tashar tana hawa na biyu ƙarƙashin ƙasa, mai alamar -2 a lif. Akwai mai zuwa Taksim, akwai mai zuwa Aksaray. Ana sa akwatuna a cikin ma'ajin da ke ƙasan motar, a ba ka 'yar takarda mai lamba. Riƙe ta da kyau, da ita za ka karɓi kayanka. Da dare motocin ba sa tashi a kai a kai, amma hanya a buɗe take, wajen awa ɗaya an isa.

Sai dai a inda bas ya ajiye mutum ne wahalar take farawa. A ce wata hajiya ce ta sauka a Aksaray ƙarfe biyu na dare, otal ɗinta yana Laleli. Tazarar kamar kilomita ɗaya ce, amma da hawa, kuma taragon T1 da zai rage mata hanya ya daina aiki tun wajen sha biyu. Ga akwati a kowane hannu, jaka tana zamewa daga kafaɗa, tayar akwati tana maƙalewa a tsakanin duwatsun titi. Direbobin tasi kuma sukan yi nauyin jiki ga gajeriyar tafiya, wani ya ƙi, wani ya yanka kuɗi son ransa. Kuɗin da ta rage a bas zai iya zubewa a nan. Da tun daga gida ta tambayi otal ɗin nisansa daga tashar bas, da ko za su turo yaro da amalanke, da ta huta.

Idan kaya sun fi ƙarfin hannu, ko kun kai mutum biyu zuwa uku, tasi daga filin jirgi zuwa ƙofar otal ya fi. Ka bi layin tasi na hukuma da ke wajen ƙofar fita, kada ka kula mai tare ka a ciki yana miƙa hannu ga akwatinka. Launin mota yana nuna farashinta: ruwan ɗorawa ita ce mai sauƙi, shuɗiya ta fi ta tsada, baƙa ta fi duka. Ƙananan ba sa cin manyan akwatuna uku, don haka a duba but kafin a shiga. Da an tashi, ka kalli mita ka tabbata tana aiki. A Istanbul ba a ƙara kuɗi don dare, amma kuɗin babbar hanya ana ɗora shi a kan na mita. Wajen biya, ka ƙirga lira a fili, domin akwai masu musanya takardar 200 da ta 20 su ce ka rage musu.

Kafin ka tashi daga gida, rubuta sunan otal da na titi da lambar waya a takarda, yadda ake rubuta su da Turkanci, saboda cajin waya kan ƙare a hanya. Sannan ka sanar da otal ɗin sa'ar da za ka iso, don a bar wanda zai buɗe maka ƙofa.