Daga taƙaitaccen babi zuwa takardar jarrabawa: yadda ake tsara tambayar kemistiri da amsarta

Duk wanda ya yi kwas ɗin kemistiri ya san ɗan taƙaitawar nan da ke zuwa a ƙarshen babi ko a bayan handawut. Yawancinmu ita muke maimaitawa ana gobe jarrabawa, har mu ji kamar mun gama da babin. Matsalar ita ce, taƙaitawa sakamako kawai take ba ka, ita kuwa jarrabawa hanyar da aka bi aka kai ga sakamakon take tambaya. A tsakanin waɗannan biyun ne ake kwasar keri-oba.

Abin da nake yi shi ne in mayar da taƙaitawar ta zama tambayoyi, in rubuta cikakkiyar amsa, in raba mata maki kamar yadda lakcara zai yi. Zan nuna yadda abin yake da babi guda, wato taitireshan na asid da bes. Da Hausa zan kawo tambayoyin a nan don mu fahimci juna, amma kai ka rubuta naka da Turanci, tunda da shi za a tambaye ka.

Abin da taƙaitawar ta ƙunsa

Idan ka matse taƙaitawar wannan babi, abu huɗu ne za su rage. Na farko, adadin mol shi ne nauyin sinadari a raba da nauyin mol guda, wato n = m/M. Na biyu, ƙarfin ruwan sinadari, abin da muke kira konsantireshan, shi ne adadin mol a raba da yawan ruwan, wato C = n/V, kuma V a dm³ ake lissafa shi. Na uku shi ne ikweshan ɗin haɗuwar: Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂. Na huɗu, indiketar da ake amfani da ita a wannan haɗi ita ce metil oranji.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da kowane layi tambaya, kamar "Rubuta fomular lissafin mol." Irin wannan ba ta da laifi don ɗumama ƙwaƙwalwa, amma hadda kawai take gwadawa. Tambayar da za ta amfane ka ita ce wadda ta ɗaure layukan nan huɗu da igiya ɗaya, ta yadda sai ka warware na farko kafin ka isa na biyu.

Fara daga amsa, ka dawo baya

Kada ka jefa lambobi yadda suka zo maka a rai. A ce ka rubuta cewa an narkar da 5 g na Na₂CO₃ a 250 cm³, an ɗebi 25 cm³, asid ɗin kuma ƙarfinsa 0.1 mol/dm³. In ka lissafa, asid ɗin da ake buƙata ya kai wajen 94 cm³, alhali buretin da muke amfani da shi a lab 50 cm³ yake ɗauka. Ka ga ka tsara gwajin da buretin ma ba zai ɗauke shi a cika ɗaya ba.

Saboda haka amsar nake fara zaɓa. Ina so ƙarfin asid ya fito 0.125 mol/dm³, kuma asid ɗin da za a zuba ya zama 20.00 cm³. In ka ninka su, mol 0.0025 ke nan na HCl. Ikweshan ya ce Na₂CO₃ rabin haka ne, wato mol 0.00125 a cikin 25 cm³ da fifet ya ɗebo. Fulas ɗin 250 cm³ ya ninka wannan sau goma, don haka mol 0.0125 ne a cikinsa. Ka ninka da 106, nauyin mol guda, sai ka sami 1.325 g. Yanzu duk lambobin tambayar sun fito, kuma na san sun dace da juna tun kafin in rubuta ta.

Tambayar

An narkar da 1.325 g na busasshen Na₂CO₃ a ruwa, aka cika shi zuwa 250 cm³. An ɗebi 25.0 cm³ aka yi masa taitireshan da HCl, da metil oranji a matsayin indiketa. Yawan asid ɗin da aka zuba shi ne 20.60 cm³ a gwajin farko na lalube, sai 19.95, 20.05 da 20.00 cm³. (a) Lissafa ƙarfin ruwan Na₂CO₃. (b) Fitar da matsakaicin yawan asid. (c) Lissafa ƙarfin HCl. Na = 23, C = 12, O = 16.

Ka lura da kalmar "busasshen". Taƙaitawa ba ta cika damuwa da ita ba, amma akwai Na₂CO₃·10H₂O mai ruwa a jikinsa, wanda nauyin mol ɗinsa 286 ne. In ba ka fayyace ba, abokinka zai iya amfani da 286 ya sami wata amsa daban, kuma ba za ka ce ya yi laifi ba. Tambaya mai kyau amsa ɗaya tal take da ita.

Amsar, da rabon maki

Ita amsa ba lambar ƙarshe ba ce kaɗai. Kowane mataki a layinsa, da makinsa a gefe. Maki goma na ba wannan tambaya.

Sashen (a) maki uku ne. M = 46 + 12 + 48 = 106 g/mol, maki ɗaya. n = 1.325/106 = 0.0125 mol, maki ɗaya. C = 0.0125/0.250 = 0.0500 mol/dm³, maki ɗaya.

Sashen (b) maki biyu ne. Ajiye 20.60 a gefe, domin gwajin lalube ne kuma ya yi nisa da sauran, maki ɗaya. Matsakaicin ukun da suka rage shi ne 20.00 cm³, maki ɗaya.

Sashen (c) maki biyar ne. Rubuta daidaitaccen ikweshan, maki ɗaya. Mol na Na₂CO₃ a 25.0 cm³ shi ne 0.0500 × 0.0250 = 0.00125, maki ɗaya. Mol na HCl ninki biyu ne, wato 0.00250, maki ɗaya. C = 0.00250/0.02000 = 0.125, maki ɗaya. Na ƙarshe na rubuta mol/dm³ ne a gaban lambar.

Amfanin wannan rabo shi ne, ranar da ka zo gwada kanka ba za ka tsaya a "na ci" ko "na faɗi" ba. Za ka ga ainihin layin da makin ya zube.

Rubuta amsoshin kuskure su ma

A ƙarƙashin amsar, ina ware fili ga lambobin da mutum zai samu in ya kauce hanya, domin kowace lamba tana faɗin inda aka yi tuntuɓe. Wanda ya sami 0.0625 ya manta cewa mol biyu na asid ke cinye mol ɗaya na Na₂CO₃. Wanda ya sami 1.25 ya yi lissafi da mol ɗin da ke cikin fulas gaba ɗaya, ya manta 25 cm³ kawai aka ɗeba. Wanda ya sami 0.124 kuwa ya cusa 20.60 cikin matsakaici, ya sami 20.15. Wannan na ƙarshen shi ne mai yaudara, don yana kusa da daidai, sai mutum ya ɗauka kalkuleta ce ta ɗan bambanta.

Ga kuma riba biyu. In kana son tambaya mai zaɓi huɗu, ka riga ka samu: 0.0625, 0.124, 0.125 da 1.25. Zaɓin da aka samo daga kuskure na gaske ya fi wanda aka ƙirƙira da ka, domin shi ne zai kama wanda bai gane ba.

Akwai kuma awon hankali da ya kamata ya shiga amsar. Asid ɗin da aka zuba bai kai 25 cm³ ba, amma mol ɗinsa ya ninka na bes sau biyu. Ke nan dole ƙarfinsa ya wuce ninki biyu na 0.05, wato ya haura 0.1. Da wannan kaɗai za ka watsar da 0.0625 ba tare da ka taɓa kalkuleta ba.

Inda taƙaitawa ba ta isa

Layi na huɗu ya ce metil oranji, amma bai ce don me ba. Malamai kuwa suna son "don me". Sai ka ƙara sashen (d): me zai faru in aka yi amfani da fenolftalin?

Amsar wannan ba ta cikin taƙaitawa, sai ka koma cikin babin. Asid yana cin Na₂CO₃ ne hawa biyu. Da farko yana mayar da shi NaHCO₃, daga baya ya mayar da wannan ruwa da CO₂. Fenolftalin tana sauya launi tsakanin pH 8.2 da 10, don haka launinta na ruwan hoda zai ɓace a ƙarshen hawan farko, wato wajen 10.00 cm³ a tambayarmu. Metil oranji kuwa tsakanin pH 3.1 da 4.4 take sauyawa, sai an gama hawa na biyu za ta tashi daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ƙa'idata a nan ita ce: tambaya daga taƙaitawa, amsa daga cikin littafi. In ka ɗauko duka biyun daga taƙaitawa, abin da ta tsallake kai ma ka tsallake shi.

Gwada takardar kafin ka yarda da ita

Akwai haɗari guda a wannan aiki. In amsar da ka rubuta da kuskure a ciki, kuskuren za ka haddace, kuma da ƙwarin gwiwa za ka kai shi zauren jarrabawa. Maganinsa shi ne ka ba abokin karatunka tambayar ba tare da amsar ba. In lambarsa ta zo daidai da taka, madalla. In ta bambanta, ku bi layi-layi har ku ga inda kuka rabu. In ya tambaye ka "me kake nufi a nan?", to laifin na tambayar ne, sai ka gyara lafazinta. Abin da kuka kasa daidaitawa ku kai wa lakcara ko mai kula da lab.

Kai kanka kuma kada ka amsa tambayar a ranar da ka rubuta ta, don lambobin suna nan a kanka. Bar ta ta kwana uku, ka rufe amsar, ka ba kanka minti goma sha biyar. Bayan nan ka sauya ikweshan ɗin: sa NaOH da H₂SO₄, inda mol biyu na bes ke tafiya da mol ɗaya na asid. In ka iya juya lissafin ba tare da ka leƙa ba, ka gane babin. In hannunka ya ninka mol na asid sau biyu kamar yadda ya saba, to layi na uku ne za ka koma wa. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.