“In Ji Baba, a Sa wa Yara a Miya”: Yadda Gaisuwa Ke Rakiyar Naman Layya

Washegarin Babbar Sallah, tun kafin rana ta yi zafi, lungunan birnin Kano kan cika da yara sanye da sababbin kaya, kowanne riƙe da kwano a rufe ko tire da aka lulluɓe da ƙyalle. Wannan gidan gwaggo ya nufa, wancan gidan limami, waccan kuma an aike ta wurin tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. Kowane yaro abu biyu yake ɗauke da su: naman da ke cikin kwano da saƙon da aka sa masa a baki. Iyaye kan sa shi ya maimaita saƙon kafin ya fita, domin sun san nama mai yawa na iya isa gida ya ɓata rai idan maganar da ta rako shi ba ta yi daɗi ba.

Ana yin layya ne ranar 10 ga watan Zulhajji, bayan an sauko daga Idi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, magidanci yakan jira liman ya yanka tasa dabbar kafin ya sa wuƙa, kuma damar yankan tana nan har faɗuwar rana a ranar 12 ga wata. A gidaje da yawa na Kano da Katsina da Zazzau, ranar farko feɗewa ake yi a rataye ragon ya tsane, a soya kayan ciki a ci. Sai rana ta biyu a sauke shi a yanyanka, a shiga rabo da suya. A Yamai da wasu garuruwan Nijar kuwa, banƙare ragunan ake yi a kan sanduna, a jera su kewaye da wuta su wuni suna gasuwa, sannan a raba washegari. Shi ya sa ziyarar dangi da kai nama suka fi haɗuwa a rana ta biyu da ta uku.

Gaisuwar kanta tana da tsari. Ƙarami ne ke zuwa wurin babba, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya fara da gaisuwar yau da kullum kafin ya kawo ta Sallah: “Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Barkanku da Sallah.” Dattijo ya amsa, “Barka kadai. An yi Sallah lafiya? Ya mutan gidan?” Daga nan sai addu’o’i su biyo baya, kowace da aminta: “Allah ya karɓi ibadunmu. Allah ya maimaita mana. Allah ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya.” Idan akwai ɗan gidan da ya tafi aikin Hajji, a haɗa da “Allah ya dawo da alhazanmu lafiya.” Idan kuma an yi rashi tsakanin Sallar bara da ta bana, ba a tashi sai an ce, “Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.”

Tsakanin kaka da jika, ko tsakanin taubasai, gaisuwar takan koma wasa. Kaka ta hango jikanta namiji ta ce, “Kai mijin nan, ina ragona? Haka za ka bar ni bana ma?” Shi kuma ya ce ai shi ya zo karɓar nasa goron Sallar ne. A gidan surukai babu wannan sakewa. Can ana zuwa da kunya, a gaisa a taƙaice, kuma a gidaje da dama cinya guda ake kai musu, a miƙa ta hannun yaro ko ƙanin miji.

Akwai tambaya ɗaya da mai hankali ke takatsantsan da ita: “Ya layya?” Ga wanda aka san ya yanka, gaisuwa ce mai kyau, amsarta “Alhamdu lillahi”, sai a bi shi da “Allah ya karɓa, ya sa a mizani.” Ga ɗan’uwan da ba a tabbatar ba, musamman a shekarar da rago ya yi tsada, tambayar tana tilasta masa ya faɗi abin da ya so ya rufe. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa. Saboda haka dattawa kan tsaya a kan “An yi Sallah lafiya?” Idan mutum da kansa ya ce bana bai samu yi ba, amsar da ta dace ita ce, “Allah ya ba da ladan niyya, Allah ya hore na baɗi.”

Rabon naman yana da tushe a addini. A cikin Suratul Hajji, aya ta 28 da ta 36, an umarci mai yanka ya ci kuma ya ciyar, kuma aya ta 36 ta ambaci mabuƙata iri biyu: wanda ya kame bakinsa bai roƙa ba, da wanda ya fito ya nema. Ya kuma tabbata a hadisi cewa akwai shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabuƙatan da suka shigo Madina, daga baya ya ba da izinin a ci, a ajiye, a yi sadaka. Malamai da yawa sun so a kasa naman uku: na gida, na kyauta ga dangi da maƙwabta, da na sadaka. Malikiyya ba su ƙayyade adadi ba, abin da suka so shi ne a haɗa ukun duka. Ba a sayar da naman ko fatar, kuma mahaucin da ya yi fiɗa ba a biyan ladarsa da su. Kuɗi ake ba shi, in an so a ƙara masa nama a matsayin kyauta. Wannan ne dalilin da ya sa fatu ke tafiya masallatai da makarantun Islamiyya, ko wurin ƙungiyoyi irin su Izala, wadda ke tattara fatun layya duk shekara.

A ɗauki misalin magidanci mai rago ɗaya matsakaici, wanda bayan fiɗa ya ba da nama da ƙashi kimanin kilo 18. Yana da cinya biyu, karfata biyu, haƙarƙari, wuya da gadon baya, ban da kai da ƙafa da kayan ciki. Idan ya bi kaso uku, kilo 6 ne na gida, 6 na dangi, 6 na sadaka. Daga kason dangi, cinya guda za ta tafi gidan surukai, abin da ya rage a raba wa gwaggo da kawu da maƙwabcin da ake katanga ɗaya da shi. Kilo 6 na sadaka kuwa, in aka ce duk wanda ya yi sallama a ƙofa za a miƙa wa tsoka biyu, kafin azahar ya ƙare ba tare da ya cika tukunyar kowa ba.

Uwargida mai lura takan yi wani lissafin daban. Tun kafin a sauke ragon, ita da maigida sun ƙirga gidajen da suka san ba a yi yanka ba: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, mai gadin layi, ɗan’uwan da ya rasa aiki, malamin allo da almajiransa, tsohon da ciwo ya kwantar. Sai a ware wa gidaje biyar kilo ɗaya-ɗaya, wanda ya isa miyar iyali ta kwana ɗaya ko biyu, a bar kilo ɗaya a yanyanka ƙanana domin masu zuwa ƙofa. Da haka mabuƙata iri biyun nan kowa ya samu. Mai roƙo yakan zaga gida goma ya tara abin da ya tara. Wanda kunya ta hana shi fita, in ba a tuna da shi an aika ba, haka Sallar za ta wuce gidansa ba a ɗora tukunyar nama ba.

A nan ne saƙon bakin yaro yake aikinsa. Ba a cewa, “Ga sadaka.” Abin da ake koya masa shi ne, “Salamu alaikum. Baba yana gaishe ku, yana yi muku barka da Sallah. Ya ce ga wannan ba yawa, a sa wa yara a miya.” Ambaton yara yana ɗauke wa babba nauyin karɓa, cewa “ba yawa” kuma yana hana mai bayarwa ɗaga kai. Idan dattijo ne ko malami, sai a ce, “Ya ce a sa albarka,” wato mai aikowar ne ke neman wani abu a wurinsa. Wannan lafazin ɗaya ne da wanda ake faɗa a gidan gwaggo mai wadata, don haka ko maƙwabci ya ji, ba zai bambanta kwanon zumunci da na sadaka ba. Mai karɓa yakan amsa, “Madalla, an gode. Allah ya karɓi layya, ya mayar da ninkinsa, ya ƙara buɗi.” Sau da yawa sai an sa wa yaron ɗan tukuici, ko goro ko alewa a kwanon, don kada ya koma wayam. Iyaye kan gargaɗi yaro kada ya ƙi karɓa, domin ƙin karɓar yana nuna an raina abin hannun mutanen gidan.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen kasawa. Wani gidan sai ya kwashe tsoka ya soye, ya tara ƙashi da kitse da jijiya ya ce na sadaka ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kasa naman duka kafin a ce wannan na wane ne, kowane kaso da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan kitsensa. Kuskure na biyu jinkiri ne. Ɗanyen naman da aka ƙulle a leda ya wuni cikin zafi yakan fara yauƙi, launinsa ya sauya, ya soma bashi, kuma gidan da za a kai wa galibi ba su da firji. Gara a aika da sassafe cikin kwano. In gidan da nisa, ko an san ba su da mai da itacen girki, soyayye ya fi amfani, domin naman da aka soya sosai cikin kitsensa yakan yi makonni bai lalace ba. Na uku sabon abu ne: jera mabuƙata a ɗauki hotonsu riƙe da leda a watsa a waya. Duk suturar da lafazin “a sa wa yara a miya” ya yi wa mutum, hoto ɗaya ya isa ya yaye ta.

Waɗanda ba su da kuɗin rago sukan yi watanda, su haɗa kuɗi su sayi sa, a kasa daidai kuɗin kowa. A Malikiyya ba a tarayya a kuɗin dabbar layya, don haka watanda naman Sallah ne kawai, ko da yake wasu mazhabobin sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan sa ko raƙumi da niyyar layya. Ko ma wanne ne, daga wannan kason ma akan ɗebi na gwaggo da na maƙwabciya. Dangin da ke Legas ko Kumasi ko Jidda kuwa, da yawansu kan turo kuɗi tun kafin Sallah a yi musu yanka a gida, ranar Idi su bugo waya su gaida iyaye, sannan su lissafa wa ƙannensu gidajen da suke so a kai wa nama, da saƙon da za a faɗa a kowace ƙofa.