Rana Ba Ta Jiran Darakta: Yadda Ake Tsara Jadawalin Ɗauka

Ƙarfe shida saura kwata na yamma, a tsakar wani gida da aka aro don ɗaukar fim, mai ɗaukar hoto ya ɗaga kai ya dubi katanga. Inuwa ta riga ta cinye rabin tsakar gidan. Ya juyo ya ce wa darakta, "Oga, haske na tafiya fa." Darakta ya duba takardarsa, ya ga saura ɗauka biyar, a ciki har da fuskar jarumin da fitowar ta dogara a kansa. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin a Kano ko Kaduna ko Jos ya san wannan yanayi. Abin da mai kallo bai sani ba shi ne, ba da yammar nan aka yi asarar ba. Tun daren jiya aka yi ta, lokacin da ya kamata a zauna da biro a tsara jadawalin ɗauka.

Jadawalin ɗauka takarda ce da ke jera duk hoton da kyamara za ta ɗauka a fitowa guda, wato abin da 'yan fim ke kira sin. Marubuci ya gama nasa: ya faɗi wanda ya shigo da abin da aka ce. Bai faɗi inda kyamara za ta tsaya ba, ko fuskar wa za a gani lokacin da aka faɗi magana mai zafi. Wannan aikin darakta ne da mai ɗaukar hoto. Ana so a bai wa edita isassun hotuna da zai zaɓa a ciki, amma kowane hoto da farashinsa, kuma mintuna ake biya.

Bari mu ɗauki fitowa guda mu bi ta daki-daki. Uwa na zaune a tsakar gida bakin ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa a faifai. 'Yarta ta shigo ta zaure da akwati, ta durƙusa, ta miƙa mata takarda. Suka yi 'yar gajeriyar magana cikin kuka. Uba ya fito daga ɗaki, ya karɓi takardar, ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ce uffan ba. Rubutun shafi biyu da rabi ne. A ƙa'idar rubutun fim, shafi guda kan ba da kamar minti guda a allo, don haka muna maganar fitowar minti biyu da rabi.

Kafin a rubuta lamba ɗaya, tambaya guda ake fara amsawa: a ina fitowar nan ta juya? Da yawa za su ce wajen kukan 'yar. Amma kuka abu ne da mai kallo ya riga ya zata tun da ya ga akwati. Abin da zai tafi da shi gida shi ne shirun uban da yadda ya ninke takardar sakin. To, nan ne zuciyar fitowar, kuma duk abin da za a sadaukar daga baya, ban da wannan.

Daga nan sai darakta ya saki jiki ya rubuta duk abin da ransa ke so. Ya fito da ɗauka goma sha biyu. Akwai ta nesa wadda ta haɗa gidan duka daga farko har ƙarshe, ita ake kira masta. Akwai shigowar 'yar, da ganinta ta bayan kafaɗar uwa, da fuskarta kusa-kusa. Ita ma uwar guda biyu, ta bayan kafaɗa da ta kusa. Sai hannu yana miƙa takarda, da hannun uwa ya tsaya cak a kan faifai. Uba yana da uku: fitowarsa, fuskarsa yana karatu, da hannunsa zuwa aljihu. Ta ƙarshe kwalliya ce, kyamara ta tashi sama ta bar su ukun a tsakar gida.

Yanzu sai lissafi, kuma nan ne mataimakin darakta ke shigowa da agogonsa. Fitowar ta yamma ce, ranar kuma akwai wasu da za a ɗauka da safe da rana. An ware mata daga ƙarfe 4:00, bayan sallar la'asar, zuwa 6:15. A Kano rana kan faɗi wajen ƙarfe shida a Nuwamba da Disamba, ta kai kusan bakwai a tsakiyar damina, kuma tsakanin faɗuwarta da duhu tazarar kaɗan ce. A gida mai doguwar katanga ma haske kan gudu tun kafin nan. Ke nan minti 135 ake da su. Idan kowace ɗauka za ta ci minti 20, tsakanin dasa kyamara, daidaita haske, gwaji da maimaici biyu ko uku, goma sha biyu za su ci minti 240. Awa huɗu ake nema a cikin awa biyu da kwata.

Sabon shiga kan fara soke ɗauka barkatai. Gogagge kuwa ya san sirrin: ba yawan hotuna ke cin lokaci ba, yawan dashen kyamara ne. Duk sanda aka tumɓuke ƙafar kyamara aka kai ta wani wuri, sai an sake haske, an sake wa mai sandar sauti wurin tsayawa, an share abin da ke bayan jarumi. Amma idan kyamara na nan inda take, sauya gilashin gabanta daga mai faɗi zuwa mai jawowa bai wuce 'yan mintuna ba. Mafi tsada duka shi ne juyawa, wato a daina fuskantar wannan ɓangaren gidan a koma fuskantar wancan. A lokacin duk tarkacen da aka jibge a bayan kyamara, da ma'aikata da 'yan kallon unguwa, sai sun tashi. Shi ya sa ba a bin jerin labari wajen ɗauka, ana bin fuska ne. A gama duk abin da ke gabas kafin a juya yamma, kuma sau ɗaya tak. Da wannan dabara Sidney Lumet ya ɗauki fim ɗinsa na 1957, 12 Angry Men, wanda kusan dukkansa a ɗaki guda yake, cikin kusan mako uku: in an haska kujera, sai an gama duk abin da ya shafi mai zama a kanta kafin a matsa.

Ga yadda goma sha biyun nan suka koma dashe biyar. Na farko masta ce, tana fuskantar ƙofar ɗaki, minti 30 har da gwajin 'yan wasa. Ita ake fara yi domin ita ke nuna inuwa da sararin sama, ba a iya yi mata dabara in haske ya sauya, alhali fuska guda ana iya gyara ta da allon maido haske. Na biyu na uba ne, kuma an sa shi da wuri da gangan: kyamara ta tare shi a bakin ƙofa, ta tsaya a fuskarsa yana karatu, ta sauka tare da hannunsa zuwa aljihu. Ɗauka uku sun zama ɗaya, minti 20. Na uku na uwa ne, a fara ta bayan kafaɗar 'yar, a sauya gilashi a ɗauki fuskarta, kafin a yanke a sunkuyar da kyamara kan faifai, minti 25. Ƙarfe 5:15 ke nan. Juyawa ta ci minti 15. Na huɗu na 'yar ne: ta taho daga zaure da ƙafarta har ta cika allo, sannan a ƙara mata ta kusa, minti 25. Na biyar hannu da takarda, minti 10. Jimla minti 125, an bar goma saboda janareta ko akuyar maƙwabta. Ɗaukar sama an sa mata alama: in hali ya yi.

Alamar nan tana da amfani ƙwarai. A gefen kowace ɗauka ana rubuta matsayinta: dole, ko ana so, ko ƙari. Haka kuma ana rubuta ƙarfen da ya kamata a gama ta. In 4:50 ta yi ba a gama da uba ba, an san an makara tun da sauran dama, sai a yanke shawara cikin natsuwa. Hannu da takarda, alal misali, ana iya ɗaukarsa gobe a jikin kowane bango, ko da hannun wata, muddin lalle da hannun riga sun yi daidai.

Sai dai haɗe-haɗen nan yana da iyaka, kuma a ɗakin edita ake gane an wuce ta. In aka ɗauki uba a ɗauka guda doguwa, kuma ya yi jinkiri a tsakiya, edita ba zai iya rage jinkirin ba sai yana da wurin fakewa, wato wani hoto da zai sanya a tsakani. Wannan ne dalilin da ba a yanke kyamara daga fuskar uwa da zarar ta gama maganarta. A bar ta ta saurara, ta dubi mijinta har ƙarshen fitowar. Daƙiƙa talatin ɗin nan ba su da tsada, amma su ke ceton aiki. Mai kula da kontiniti yana da hanyar tabbatarwa: a kan shafin rubutun yana jan layi daga sama zuwa ƙasa ga kowace ɗauka, miƙaƙƙe inda ana ganin mai magana, mai lanƙwasa inda muryarsa kawai ake ji. Duk maganar da layi ɗaya kacal ya ratsa ta, edita ba shi da zaɓi a wurin.

Akwai kuma tarkon da fitowar mutum uku ke ɗanawa. Tsakanin uwa da 'ya akwai layin da ido ba ya gani, kuma kyamara na zama a gefe guda nasa, don in uwa na duban dama a allo, 'ya ta riƙa duban hagu. Da uba ya fito, sabon layi ya samu. In ba a zana taswirar tsakar gidan an sa alamar inda kowa ke kallo ba, sai a haɗa fim a ga uba da 'ya suna duban gefe guda kamar masu kallon wani na huɗu.

Jadawalin nan ya bar fuskar 'yar sai ƙarfe biyar da rabi, bayan ta shafe awa ɗaya da rabi tana maimaita fitowar kuka. Darakta mai lura zai ja ta gefe tun kafin a fara, ya ce, "Ki rage hawayen nan, ƙanwata, ba a zo kanki ba tukuna." In kuwa ya san ita mai zubar da komai ce a karon farko, sai ya juya tsarin: bayan masta a fara da ita, a biya kuɗin juyawa sau biyu, a manta da ɗaukar sama tun daga gida. Minti goma sha biyar ne farashin, kuma gara a san da shi tun da dare, kan tabarma, da a gano shi inuwa ta kai bakin ƙofa.